Ruwan awa ɗaya da kwalbatin da ta toshe: yadda ambaliya ke shammatar unguwa

Da asubahin ranar Alhamis, 29 ga Mayun 2025, ruwa ya afka wa unguwannin Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na Jihar Neja, bayan an shafe sa'o'i ana tafka ruwan sama cikin dare. Cikin 'yan kwanaki hukumomi suka tabbatar da mutuwar mutum sama da 150, ban da ɗimbin waɗanda aka nema aka rasa. Da farko an yi ta yaɗa cewa madatsar ruwa ce aka buɗe ko ta fashe, amma Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya ta ce madatsun Kainji da Jebba lafiyarsu ƙalau, ta ɗora alhakin a kan mamakon ruwan sama da toshewar hanyar da ruwa ya saba bi. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna cewa ruwan ya taru ne a bayan tudun ƙasar da layin dogo ya bi ta kai, domin mafitarsa ba ta iya ɗauke shi ba, har tudun ya ɓalle ya sako shi gaba ɗaya a kan mutanen da ke barci.

Mun dawo da wannan labari ne saboda da yawanmu idan aka ce ambaliya, kogi muke tunawa: Binuwai da Neja sun cika sun shanye Lokoja kamar a 2022, ko madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri kamar a Satumbar 2024. Ambaliyar babban kogi takan ɗauki kwanaki tana tahowa, ana auna ta a tashoshi, ana iya gaya wa mutanen ƙasa cewa ruwa na tafe. Wadda ke aukuwa a cikin gari saboda toshewar magudanar ruwa ba ta ba da wannan dama. Tsakanin fara ruwa da shigarsa ɗaki yakan kasance rabin awa ne ko awa ɗaya, kuma tana samun unguwar da ko rafi babu a kusa da ita.

Lissafin abin ba shi da wuya, kuma ya kamata kowane mai gida ya san shi. Idan masana yanayi suka ce an yi ruwa milimita ɗaya, suna nufin lita ɗaya ta sauka a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya. Ruwa milimita 50 cikin awa guda ruwa ne mai ƙarfi sosai, amma ba baƙon abu ba ne a tsakiyar damina. Gidan da rufin kwanonsa ya kai mita 10 a faɗi da mita 10 a tsawo zai zubo lita 5,000 a wannan awa, wato duro 25 na lita ɗari biyu-biyu. Gida ɗaya ke nan. Kwano ba ya shan ruwa, daɓen siminti na tsakar gida ba ya sha, kwalta ma haka. Abin da a gona zai nutse cikin ƙasa a hankali, a gari indararo ne ke tura shi waje cikin daƙiƙoƙi.

Mu ɗauki unguwa mai girman hekta 10, kusan filin ƙwallo 14 a haɗe. Wancan ruwa na milimita 50 zai sauke mata lita miliyan 5. A ce kashi 30 cikin ɗari ya nutse a ƙasa ko ya maƙale a ramuka, saura lita miliyan uku da rabi dole su nemi hanyar fita. Idan aka raba su a kan awa guda, kusan lita 1,000 ke nan a kowace daƙiƙa, dukansu suna gangarowa zuwa babbar kwatar da ke ƙasan unguwar.

A ce wannan kwata faɗinta mita ɗaya, zurfinta santimita 80, ruwa kuma yana gudu a cikinta mita ɗaya da rabi a daƙiƙa. Tana iya wucewa da lita 1,200 a daƙiƙa, saboda haka za ta cika har kusa da baki amma ba za ta yi ambaliya ba. To yanzu a bar yashi da laka su cike rabinta, abin da ba ya buƙatar shekaru masu yawa a layin da ba a zuba wa kwalta ba. Wani zai ce ai rabin ruwan za ta ɗauka. Abin bai ma kai haka ba, domin ruwa marar zurfi da ke bi ta kan yashi da tarkace ba ya gudu kamar mai zurfi da ke bin siminti mai santsi. Da ƙyar za ta wuce da lita 500. Sauran lita 500 na kowace daƙiƙa za su hau titi. Cikin rabin awa sun zama lita 900,000, kimanin tankar mai 27 masu cin lita 33,000. Idan duk wannan ya taru a wani kwari mai mita 50 a kowane ɓangare, rabin awa ta isa ya kai santimita 36, ya doshi gwiwar babban mutum. Awa ɗaya kuwa ya wuce santimita 70, ya haura dokin ƙofa tuntuni, ya jiƙa katifa da buhun hatsi, ya fara cin gindin katanga.

A lura cewa a wannan misali ruwan saman bai ƙaru da ko ɗigo ɗaya ba. Ruwan da unguwar ta saba sha ne ba tare da komai ya faru ba. Shi ya sa muke ganin akwai kauce wa gaskiya a duk lokacin da jami'i ya tsaya a gaban 'yan jarida ya ce ruwan bana ne ya yi yawa, ya yi shiru. Gaskiya ne ana samun ruwan da ya fi ƙarfin kowace magudana: a Ibadan, ranar 26 ga Agustan 2011, ma'aunin cibiyar binciken noma ta IITA ya nuna milimita 187.5 a yini ɗaya, mutum sama da ɗari suka rasu. Amma ko a can, shara da gine-ginen da suka matse hanyoyin ruwa na cikin abubuwan da suka ƙara munin ɓarnar. Galibin ambaliyar da ke shiga gidajenmu kowace shekara ba ta irin wannan ruwa ba ce.

Wurin da ya fi haɗari a duk tsarin shi ne kwalbati, inda ruwa ke kurɗawa ta ƙarƙashin titi ko layin dogo. Kwatar da ke buɗe idan ta cika, sai ta zube ta gefe a hankali. Kwalbati kuwa rami ne mai iyaka, a samansa akwai tudu. Ruwan farko mai ƙarfi yakan kwaso duk abin da aka tara a rani: ledoji, robobin lemo, tsummokara, tsohuwar katifa, reshen bishiya, kara. Reshe ɗaya ya gitta a bakin kwalbati, sai katifa ta kwanta a kansa, ledoji su liƙe ramukan da suka rage, laka ta shafe su. Cikin mintuna kaɗan titin ya zama madatsar ruwa wadda ba injiniyan da ya tsara ta. Waɗanda ke sama da ita ruwa zai taso musu. Waɗanda ke ƙasa da ita su ne abin tausayi, domin a wannan lokaci za su ga kwatarsu ta ja baya, su ce ruwa ya sauka. Idan tudun ya jiƙe ya ɓalle, ko tarkacen ya kuɓuce, abin da aka tara na awa biyu zai iso musu a minti biyu. Lita 1,000 na ruwa nauyinta tan ɗaya ne. Ba katangar bulo da za ta tsaya wa dubban tan masu gudu, balle ta ƙasa.

Akwai kuma abin da ba mu cika son a faɗa ba. A tsofaffin biranenmu, Kano da Zariya da Katsina, kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini su ne ke karɓar rarar ruwan unguwa su riƙe shi har ya nutse. An cike da yawansu da bola, an yanka filaye, an yi gidaje da shaguna. Ruwan da suke riƙewa bai daina sauka ba, sai dai ya koma kan kwatocin da ba a gina su don ɗaukarsa ba, daga nan ya matsa wa manyan hanyoyin ruwa irin su Jakara. Wanda ya sayi fili a kan tsohon kududdufi ya sayi wurin da ya fi ko'ina ƙasa a unguwar, kuma ruwa ya san hanyarsa ko da mai gidan bai sani ba. Tambayar da za a yi wa dattawan unguwa kafin a biya kuɗin fili ita ce: me ke wurin nan shekara talatin da suka wuce?

Alamun haɗari kuwa suna farawa tun kafin hadari ya haɗu. A je a duba kwata a ranar da ba a yi ruwa ba. Idan ruwa na kwance a ciki, baƙi, ba ya motsi, to wani wuri a gaba ya toshe ko gangaren ya lalace. Idan ciyawa ta tsiro a ciki, yashi ya riga ya yi kauri. A soka sanda har ta taɓa simintin ƙasa, a ga nawa ne laka, nawa ne sarari. Sannan a bi kwatar da ƙafa har inda take zubewa, abin da kusan ba mai yi. Mutum zai yashe ƙofar gidansa tsaf, alhali mita ɗari biyu a gaba wani ya rufe ta da daɓe ya kafa shago, ko bututun ruwa da wayoyi sun gitta ta suna tare shara. A tsaya a bakin kwalbati a leƙa: idan ba a hango haske ta ɗaya bakin, a sanar da mai unguwa a ranar. Bangayen layin ma suna ba da labari. Layin laka da ruwan bara ya bari a jikin katanga shi ne mafi ƙarancin abin da za a sa rai da shi bana idan ba a gyara komai ba.

Sai yanayin ranar. Ruwa iri biyu ne ke kawo wannan ambaliya. Na farko shi ne ruwa mai ƙarfi na farkon damina, wanda ke tarar da kwatoci cike da sharar rani, ƙasa kuma ta bushe ta yi tauri ba ta sha da sauri. Na Mokwa a ƙarshen Mayu ya zo. Na biyu shi ne na Agusta, lokacin da ƙasa ta ƙoshi, kududdufai sun cika, aka kwana biyu ko uku ana yi. A irin wannan hali ruwa matsakaici ma yana iya yin ɓarnar da babba bai yi ba a watan Yuni, domin babu sauran inda zai nutse. Hukumar NiMet na fitar da hasashen yanayi na 'yan kwanaki, Hukumar NIHSA kuma na fitar da hasashen ambaliya na shekara kafin damina ta kankama, kuma yana da kyau a bi su. Sai dai a san iyakarsu. Za su iya cewa ana sa ran ruwa mai ƙarfi a jiha ko ƙaramar hukuma. Ba za su iya cewa kwalbatin bayan masallacin unguwarku ta toshe ba. Wannan sai ido.

Idan ruwa ya kece, ba yawansa kaɗai ake kallo ba, saurin hawansa ake kallo. A zaɓi wani abu tsayayye da ake gani daga ƙofa, kamar layin bulo a katanga ko matakala. Tsayin bulo ɗaya ya ɗan haura santimita 20. Idan ruwa ya cinye bulo guda cikin minti goma sha biyar kuma sama ba ta da niyyar ɗaukewa, lissafi ya nuna inda zai kai nan da awa ɗaya, kuma lokacin fitar da yara da tsofaffi ya yi. Ba a jira sai ya shigo ɗaki, domin a lokacin hanyar fita ta riga ta fi ɗakin zurfi.

Wata alamar da ake rainawa ita ce ruwa ya juya baya. Makwararar tsakar gida da ta saba fitar da ruwa ta fara shigo da shi, ko rariyar banɗaki ta fara ɓulɓulo da ruwa mai wari, ko ruwa ya riƙa tsartuwa ta ramukan murfin kwata a kan titi. Duk waɗannan na nufin babbar magudanar ta cika maƙil, ta daina karɓa, ta fara mayarwa. A bakin kwalbati kuma, idan ruwa ya rufe bakin shiga yana juyawa kamar ana dama shi, amma abin da ke fita ta ɗaya gefen kaɗan ne, an samu toshewa. A nan ne matasa masu zuciya ke yin kuskuren da ke cin rai: su shiga da sanda ko da hannu su ja tarkacen. Da zarar ya saki, ruwan zai zuƙe duk abin da ke bakin ramin, har da wanda ya buɗe shi. Ba a yasar kwalbati ana cikin ruwa.

Mutanen da ke zaune a gangare ko a bakin rafin da ke bushewa da rani suna da nasu alamun. Ruwa ya sauya launi farat ɗaya ya koma ja ko baƙi mai kauri, yana ɗauke da itatuwa da kayan gida: wani wuri a sama ya ɓalle. A ji ƙugi daga nesa kamar na babbar mota ko iska alhali ba iska. Ko kuma, kamar yadda muka faɗa, ruwan rafin ya ragu kwatsam alhali sama na ci gaba da zuba. Wannan ta ƙarshe ita ce mafi yaudara. Ruwa ba ya ɓacewa, idan bai iso ba to wani abu ne ya riƙe shi. Haka nan ba sai an yi ruwa a kanka ba: baƙin hadari da walƙiya a ɓangaren tudu sun isa su cika rafin da ke bayan gidanka alhali tsakar gidanka a bushe take.

Dare ne ke ninka duk wannan haɗari, domin alamun duk na ido da kunne ne, mai barci kuma ba ya gani. Unguwar da ta san tana cikin kwari ya kamata a daren ruwa mai ƙarfi a samu wanda zai zauna a farke, da tocila da waya mai caji, da lambobin mutanen da ke sama da su a kan hanyar ruwan. Lasifikar masallaci da ke tashin mutane sahur za ta iya tashinsu don wannan. A kuma yanke tun da rana inda za a nufa da hanyar da za a bi, wadda ba ta tsallaka kwata. Masu ginin ƙasa su ƙara da duba gindin bango: idan ya jiƙe ya yi laushi har yatsa na shiga, ko sabuwar tsaga ta bayyana, ko ƙasa ta fara zubowa daga azara, kada a kwana a ɗakin ko da ruwa bai shigo ba. Sau da yawa bango kan faɗi ne bayan an ɗauke ruwa, lokacin da kowa ya saki jiki.

A kan hanya ma mutane na raina ruwa saboda suna ganin bai kai gwiwa ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, balle babur ko adaidaita-sahu. Ga shi kuma idan titi ya shafe ba a bambanta kwalta da bakin kwata marar murfi, kuma nan ne yara ke faɗawa. Idan ruwa ya fara shiga gida, a kashe wuta daga babban makunni tun ƙafa na kan busasshen wuri, a nisanci turakun lantarki da taransfoma. Bayan ya janye, rijiyar da ruwan ya shiga ta haɗu da abin da ke cikin masai da kwata, ba a shan ta sai an tafasa ko an sa mata sinadarin tsarkake ruwa, domin ta nan amai da gudawa ke biyo bayan ambaliya.

Game da gyara, mun gaji da ganin abu ɗaya kowace shekara. Ranar tsaftar muhalli a fito a yashe kwata, a tara laka da shara a bakinta, a ɗauki hoto, a watse. Motar kwasa ba ta zuwa. Ruwan farko ya mayar da tarin inda aka ciro shi. Wannan ba yasa ba ce, motsa jiki ne. Sannan sau da yawa ana fara aikin ne daga inda ake gani, bakin babban titi, alhali daga ƙasa ya kamata a faro, daga inda ruwan ke zubewa a hauro sama. Wanda ya buɗe sama ya bar ƙasa a toshe ya ƙara wa ruwa gudu ne zuwa gidajen mutanen kwari. Kuma laifin ba na ledar fiya-wata kaɗai ba ne, duk da ita ake zagi. Yashin da ke gangarowa daga layukan da ba kwalta, da tarin yashin gini da ake saukewa a bakin titi, su ne ke cin zurfin kwata a ɓoye, leda ta zo ta ƙarasa.

Jama'a na da nasu alhakin, ba mu musa ba. Amma matar da ke zuba shara a kwata idan hadari ya taso, a tambaye ta ina motar shara ta taɓa tsayawa a layinsu. Kuma kwalbatin da ke ƙarƙashin babban titi ko layin dogo ba aikin matasa da shebur ba ne, aikin injin haƙa ne da injiniyan da zai auna ko ramin da aka yi lokacin da bayansa gonaki ne zai iya ɗaukar ruwan unguwannin da suka maye gurbinsu. Abin da muke nema daga ma'aikatun muhalli da na ayyuka na jihohi da ƙananan hukumomi ƙayyadadde ne: a ƙirga kwalbatocin kowane gari, a duba kowace a watan Afrilu kafin ruwa ya sauka, a sake dubawa a ƙarshen Yuli, a kwashe abin da aka yaso a ranar da aka yaso shi, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka gyara da waɗanda suka rage a sakatariyar ƙaramar hukuma, yadda mai unguwa zai je ya ga ko tasu na ciki.